Abin da ke sa fata ta fito kamar roba a hoton da manhaja ta zana

(Laccar da aka gabatar wa masu zanen tallar kaya a Jos, an rubuto ta daga rikodin)

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa, sannunku da hakurin sanyi. Ku dubi jakar da ke kan allo. An umarci manhajar AI mai zana hoto daga rubutu ta zana jakar jar fata irin ta dukawan Naraguta, kuma ga abin da aka rubuta mata:

```
red leather bag, shiny, flawless, ultra realistic, 8k
```

Siffa ta yi, ɗinki ya yi, amma duk wanda ya taɓa riƙe fata ya san wannan roba ce. Me ya tona mata asiri? Ƙyallin. Ku lura, iri ɗaya ne daga baki har gindi.

Fata, katako, yumɓu da roba, idan ka dube su kai tsaye, hasken da suke mayarwa a matsayin ƙyalli bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba, kuma ƙyallin fari ne ko da kayan ja ne. Ashe ba yawan hasken ne ya raba fata da roba ba. Kaushi ne ya raba su. Abu mai santsi yana tattara ƙyallin wuri guda, ƙarami mai kaifin baki. Mai kaushi kuwa yana watsa shi, ya yi faɗi, ya dusashe. Masu aiki da Blender, manhajar zanen 3D, sun san ma'aunin kaushi da ake kira Roughness, daga 0 mai kama da madubi zuwa 1 wanda ba ya sheƙi. Robar da ta fito daga injin masana'anta kaushinta ɗaya ne ko'ina. Fata ba haka take ba, don hannu yana goge wani wurin ya bar wani.

Saboda haka kada ka ce mata "shiny" ka tsaya. Faɗi inda ke sheƙi da inda ba ya yi. A nan ne nake so mu daɗe, domin tsufan kaya yana da adireshi. Marataya tana yin duhu da santsi daidai inda tafin hannu ke kamawa, saboda gumi da maiƙo. Kusurwoyin ƙasa suna koɗewa su yi haske, don su ke gogar bene. Murfi yana yin layukan tamoji inda ake lanƙwasa shi kullum. Ƙurar hunturu kuma, wadda mu a nan ba sai an yi mana bayaninta ba, tana kwanciya a ramukan ɗinki da saman jakar, ba ta zama inda hannu ke sharewa. Idan ka rubuta "scratches" kawai, sai ta barbaɗa ƙarce ko'ina daidai wa daida, ido kuma ya gane ƙarya ce.

Ga gyaran:

```
red goatskin bag, matte with visible grain, soft broad highlights,
strap darkened and polished where gripped, scuffed pale corners,
creased flap, dust in the stitch holes, slightly uneven stitching,
tarnished brass buckle, low side light from a window
```

Maɓallin tagulla nasa daban ne. Ƙarfe yana mayar da fiye da rabin haske, kuma ƙyallin yana ɗaukar launinsa, shi ya sa na tagulla ke fitowa rawaya. Idan ka ga farin ƙyalli zaune a kan maɓalli mai ruwan ɗorawa, to robar da aka yi wa fenti aka zana maka.

Na ƙarshen gyaran nan, hasken gefe, mutane suna raina shi. Ko ka lissafa kaushi goma, idan haske ya doki jakar daga gaba, ba za su fito ba, don ƙananan ramukan fata sai da inuwa ake ganinsu.

Malama a baya tana tambaya, ita tallar sabuwar jaka take yi, wa zai sayi mai ƙura? Gaskiyarki, Malama. Cire ƙurar da koɗewar. Amma sabuwar fata ma ba ta rasa ƙofofin gashi, da rinin da ya fi kama wani wuri, da ɗinkin hannu da tazararsa ba ta zo ɗaya ba. Waɗannan za ki bari. Kuma ni a ganina aibi biyu ko uku sun isa ga sabuwar jaka. Da kin jera "old, worn, dirty, damaged", sai ta ba ki jakar da aka tsinto a bola.

Idan hoton ya fito, ki faɗaɗa shi ki dubi bakin ƙyallin. In ya yanke tsaf kamar an ja layi, ƙara kaushi. In ya farfashe yana bin hatsin fatar, to ki koma kan maɓallin ki duba launinsa. Kalma ɗaya za ki riƙa canzawa kowane zagaye, kuma in manhajar tana da seed, wato lambar da take fara zanen da ita, ki bar lambar yadda take, don ki san wace kalmar ce ta kawo canjin. Sai tambaya ta gaba.