Darasin lafiya daga Tawa: yadda babba zai wanke hancinsa da ruwan gishiri

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare. Hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari. Wani ɗan kabu-kabu ya aiko mana saƙo, ya ce wuni yake cikin ƙura, da dare hanci ya toshe. An ba shi shawara ya wanke da ruwan gishiri, sai ya ɗebi ruwan randa a buta, ya watsa gishiri da hannu, ya shaƙa da ƙarfi. Hancin ya yi ta raɗaɗi, kunne ɗaya kuma ya toshe. Majo, sannu da zuwa. Ina aka samu matsala?

Majo: Yauwa Malam, sannunmu. Shawarar da aka ba shi mai kyau ce, domin ruwan gishiri yana tsinka majina mai kauri, ya fitar da ƙurar da ta maƙale, ya jiƙa hancin da ya bushe. Amma ya yi kuskure a wuri uku: ruwan, awon gishirin, da ƙarfin da ya sa. Zan fara da ruwan, don shi ne wanda kan kai ga rasa rai.

Ruwan da za ka sha lafiya ƙalau ba lalle ne ya dace da cikin hanci ba. Abin da ka haɗiye yana faɗawa ciki ne, tsamin ciki ya kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Hanci ba shi da wannan kariya, kuma can samansa akwai jijiyar jin ƙamshi da ke ratsa wani siririn ƙashi ta shiga ƙwaƙwalwa. Akwai wata ƙaramar halitta, amiba, da ido ba ya gani. Tana son ruwa mai ɗumi, irin na tabki, ko tankin da rana ke duka, ko bututun da ruwa ya kwana a ciki. In ka sha ta ba ta yi maka komai. In ta hau hanci, tana iya bin jijiyar nan. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfon gidajensu. A Karachi ta Pakistan ma an sha samun masu rasuwa da ita. Ba kasafai take kama mutum ba, wannan gaskiya ne, amma cikin ɗari da ta kama, fiye da 97 ba sa tashi.

Mai gabatarwa: Subhanallahi. To ruwan leda fa, ko na famfo?

Majo: Duka a tafasa. Na rijiya, na famfo, na ƴan garuwa, na leda, kada a ware ko ɗaya. Gishirin da za ka zuba ba ya kashe amibar nan, kada wani ya dogara da shi. Ka sa ruwa a tukunya mai tsabta, in ya fara tafarfasa sosai sai ka ƙirga minti 3 zuwa 5, ka sauke, ka rufe, ka bar shi ya huce. In ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta a tace kafin a ɗora. Wanda ke da hali ya sayi serom, wato ruwan gishiri na farmasi, wanda aka rubuta 0,9% a jikinsa, shi an gama masa komai. Wanda ka tafasa a gida kuwa kwana ɗaya ne iyakarsa, a mazubi mai murfi. Gobe a sake sabo.

Sai gishiri. Awon shi ne giram 9 a lita ɗaya, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, cokalin da ke ɗaukar mililita 5, a shafe bakinsa, ba a tula ba. Ka tafasa ruwan da ya ɗan ɗara lita, domin wani zai tafi da tururi. Ka ɗanɗana: ya kamata ka ji shi kamar hawaye. Abokinmu ɗan kabu-kabu da hannu ya watsa, shi ya sa ya ji raɗaɗi. Kuma abin da mutane ba su sani ba, ruwa zalla marar gishiri ma yana da zafi a hanci, har ya kumbura fatar ciki. Gishiri tsantsa ake so, fari, marar yashi. Mai aidin yakan ɗan yi wa wasu zafi, in an samu marar shi ya fi. Ana iya ƙara rabin ƙaramin cokali na bikarbonat ɗin farmasi don ya sassauta. Amma don Allah kada a sa kanwa a madadinsa, kada a sa tafarnuwa, lemun tsami ko man shafawa.

Mai gabatarwa: Na ga kin zo da sirinji babba da kwano.

Majo: E, na mililita 50 ne, sabo, babu allura. Akwai kuma gorar matsawa ta wanke hanci a wasu farmasi. Na wanke hannuna da sabulu. Na ɗiga ruwan a bayan hannu, ɗumi-ɗumi yake, ba zafi ba sanyi. Yanzu in sunkuya kan kwano, in karkata kai gefe ɗaya, goshi da haɓa kusan daidai. Baki a buɗe, da shi zan yi numfashi. Bakin sirinjin ya shiga ƙofar hancin da ke sama kaɗan kawai, yana kallon ƙeya, ba tsakiyar kai ba. Sai in tura a hankali. Ba shaƙa ake yi ba, Malam, a lura da wannan. Ruwan da kansa zai zagaya ta baya ya fito ta ƙofar ƙasa. In wani ya gangaro maƙogwaro, ka tofar, ka ƙara sunkuyar da kai. Sirinji biyu ko uku a kowane ɓangare sun isa, sannan ka juya.

Da ka gama, ka fyace a hankali, kada ka matse hancin ka busa da ƙarfi. Akwai ƴar hanya tsakanin bayan hanci da kunne, kuma ƙarfi ne ke tura ruwa cikinta. Abin da ya samu mai saƙonmu ke nan. Ya dakata da wankin har kunnen ya buɗe. In ciwo ya taso, ko zazzaɓi, ko kunnen ya fara zubar da ruwa, ya zo asibiti a duba. In an jima ka sunkuya ka ga sauran ruwa ya zubo daga hanci, ba komai ba ne. Saboda haka ma ya fi kyau a yi wankin kamar awa ɗaya kafin kwanciya. Sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar, kuma mai maganin fesawa a hanci ya fara wankewa, sannan ya fesa.

Kayan aikin kuma, a zare sirinjin, a wanke da sabulu, a ɗauraye da dafaffen ruwa, a bar shi ya bushe inda ƙura ba ta kai. Kowa da nasa, ko mata da miji kada su haɗa.

Mai gabatarwa: Akwai wanda bai kamata ya yi ba?

Majo: Mai ciwon kunne, mai haɓo, wanda hancinsa ya toshe gam ruwa ba ya wucewa, wanda ya bugu a kai ko a fuska, da wanda aka yi wa aiki a hanci ko kunne kwanan nan, sai likita ya yarje musu. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ma ya fara tambaya. Yara kuma darasinsu daban ne. In mura ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko fuska ta kumbura wajen ido, wanki ba zai isa ba.

Shi mai saƙonmu, tunda ruwan randa ya shaƙa, kada hankalinsa ya tashi, amma ya sa ido har kwana 12. In matsanancin ciwon kai ya zo da zazzaɓi, amai, ko wuya ya sanƙare, irin alamun sanƙarau da muka sani a ƙasar nan, a kai shi asibiti a take, kuma a gaya wa likita cewa ya wanke hanci da ruwan da ba a tafasa ba, da ranar da ya yi.