Zaɓen mai ba ma'aurata shawara, da yadda za a gane ko zaman yana amfani

An rubuto wannan lacca daga rikodin taron ƙara wa juna sani na ma'aurata a garin Gombe.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena malamai, iyayena mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma.

Sulhu tsakanin miji da mata muna da shi tun asali. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan aka ji tsoron ɓaraka a tsakaninsu, a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Waliyyai suna yi, limamai suna yi, Hisba da ofishin walwalar jama'a suna yi. Su dai galibi suna sauraron ƙara ne, su faɗi wanda ya yi laifi, a ba da haƙuri, a koma gida. Mai ba da shawara da ya karanci aikin, shi kuwa, yanayin faɗan yake bi: me ke tayar da shi, yaya yake hauhawa, a ina yake tsayawa. Duk wanda ya je wurinsa don a ba shi gaskiya zai dawo yana cewa an ɓata masa lokaci.

To wa za ka zaɓa? Yanzu kowa ya buɗe shafi a waya ya zama masanin aure. Ka tambayi mutum me ya karanta, a ina, kuma ko an horar da shi a kan zama da mutum biyu a lokaci ɗaya, domin wannan horo ne daban da na ba ɗalibai shawara a makaranta. Ka tambaye shi ko yana cikin ƙungiyar masu sana'ar, irin su CASSON, ƙungiyar masu ba da shawara ta Nijeriya. Wanda ya san aikinsa ba ya fushi da waɗannan tambayoyi. In ba ka san ta inda za ka fara ba, je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ko na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ka nemi a haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam. Na ga wasu suna murmushi. Shiga wannan sashe ba ya nufin mutum ya taɓu.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan, kuma mutane ba sa yi: idan na gaya maka wani abu ni kaɗai, za ka faɗa wa mijina, ko matata? Masu aikin sun kasu biyu. Wasu suna riƙe sirrin kowa, wasu kuma tun farko suke cewa ba za su ɓoye abin da ya shafi auren ba. Kowanne yana da hujjarsa, amma dole ku sani kafin wani ya buɗe baki. Ku kuma kauce wa abokin maigida ko ƙawar uwargida, ko da ƙwararru ne, don ɗayanku zai shiga ɗakin da shakka a ransa. Mai mata biyu ya tambaya ko mutumin ya saba da irin gidansa. Yawanci da miji da matar da abin ya shafa ake farawa, ba a tara kishiyoyi a zaman farko.

Zaman farko yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ku biyu tare. Zai tambayi yadda kuka haɗu, yaushe abu ya fara lalacewa, me kuka gwada, me kowa yake so ya canza. Ba a gyara komai a ranar, har wasu sukan fito ransu ya fi ɓaci saboda an taɓo abin da aka daɗe ana dannewa. Daga nan yakan ga kowa shi kaɗai, kuma a nan ne yake tambayar duka, tsoro, shaye-shaye, neman wani a waje, da ciwon damuwa. Sai a sake haɗuwa, ya faɗa muku abin da ya gani, ku tsayar da manufa biyu ko uku.

Bari in tsaya a kan duka. Idan mace tana tsoron mijinta, zama tare ba shi ne magani ba, domin abin da ta faɗa a ɗakin shawara za ta biya kuɗinsa a gida da daddare. A nan tsaronta ne kan gaba: iyayenta, hukuma, kotu. Mai shawarar da bai taɓa ware mace ya tambaye ta wannan ba, ni ba zan tura masa 'yata ba.

Ga misali irin wanda ake yawan gani. Malamin firamare ne, matarsa tana ɗinki a gida, 'ya'ya huɗu. Ita ta ce ba ya ba da cefane isasshe, kuma yana majalisa har ƙarfe goma sha ɗaya. Shi ya ce da ya sa ƙafa a zaure take fara masa faɗa. Mai shawara sai ya sa su kwatanta dare ɗaya dalla-dalla. Albashi ya ƙare tun tsakiyar wata, yana jin kunyar faɗa, sai ya daɗe a waje. Ita tana ganin daɗewar raini ce, sai ta tarye shi da "kai kullum haka kake". Ya yi shiru ya juya baya, ta ƙara murya, gobe ya ƙara daɗewa. John Gottman, masanin Amurka da ya yi shekaru yana nazarin ma'aurata, ya lissafa halaye huɗu masu rushe aure: sukar halin mutum, raini, kare kai, da yin gum. Ya ce raini ne mafi muni. Malamin nan da matarsa suna da suka da gum, amma raini bai kama su sosai ba, don haka akwai wurin aiki.

Aikin gidan da aka ba su ƙarami ne. Ranar da albashi ya shigo su zauna su rubuta kuɗin cefane a takarda. Ita ta faɗi buƙata ɗaya ba tare da "kullum" ba. Shi kuma in ya ji zuciyarsa na tafasa, ya ce a ba shi minti 20, ya fita, amma ya dawo kan maganar a daren.

Yaya za a gane yana amfani? A gida ake dubawa, ba a ofishin mai shawara ba. Bayan zama huɗu zuwa shida, ku tambayi kanku: gabar da take kai kwana uku, yanzu nawa take kaiwa? Akwai wanda yake iya tsayar da faɗan a tsakiya? An iya maganar kuɗi sau ɗaya ba tare da kuka ko fita ba? Faɗa ba zai ɓace ba, gajarta zai yi, sulhu kuma ya riƙa zuwa da wuri. A misalinmu, in malamin ya fara faɗa mata da bakinsa cewa kuɗi sun ƙare, an samu ci gaba ko da cefanen bai ƙaru ba.

Alamun cewa ba ya amfani su ma a fili suke. Kowane zama maimaita faɗan mako ne, mai shawara yana kallo. Ya ɗauki ɓangare, ɗayanku yana fitowa kamar wanda aka yanke wa hukunci. Bai da abin faɗa sai "ki yi haƙuri" ko "ka yi haƙuri". Ko kuma kun ji zancenku a bakin wani a gari. Banda wannan na ƙarshe, wanda shi kam tashi ake yi nan take, ku fara faɗa masa damuwarku. In bai gyara ba a zama biyu masu zuwa, ku nemi wani.

Wata baiwar Allah ta aiko da takarda tana tambayar wanda ya furta saki cikin fushi. Hajiya, wannan ba hurumin mai shawara ba ne. Ko saki ya auku, ko igiya nawa ta rage, malami ko alƙali za a tambaya, kuma a fara da wannan kafin a nemi ranar zama.