Lissafin Kuɗin Ƙara Ɗaki Ɗaya a Gida: Daga Bulo Zuwa Dako

Assalamu alaikum masu kallo. Yawancin ɗakunan da muke gani sun tsaya a linta, damina tana dukansu shekara da shekaru, masu su sun fara ne da lissafin bulo da siminti kawai, suka ɗauka sauran abubuwan ƙananan kashe-kashe ne da za a yi ta biya daga aljihu. A wannan bidiyon za mu ɗauki ɗaki guda mai ƙafa 12 a tsawo da ƙafa 12 a faɗi, wato kimanin mita 3.6 kowane ɓangare, wanda za a jingina da bangon gidan da yake tsaye, mu bi lissafinsa tun daga harsashi. Za mu yi magana da adadin kaya maimakon naira, domin farashi yana sauyawa tsakanin wata da wata, amma yawan bulon da bango yake ci ba ya sauyawa.

Tunda akwai tsohon bango, sabbin bangaye uku za a gina, kuma jimillar tsawonsu ya kai kusan mita 11 idan an haɗa da kusurwoyi. Idan tsayin ginin mita 3 ne, faɗin fuskar bangon ya zama murabba'in mita 33, kuma bayan an cire gurbin ƙofa ɗaya da taga ɗaya zai koma kusan 30. Bulon da aka saba bugawa a Najeriya yana shiga guda 10 a kowane murabba'in mita, saboda haka ana bukatar bulo 300 mai inci 6 don bangon sama. Harsashi kuma ya fi dacewa da mai inci 9, kuma kowane layi yana cin kusan guda 24, don haka layi 4 zai ci kusan 100. A ƙara guda 20 saboda waɗanda za su fashe wajen lodi da waɗanda birkila zai sare a kusurwa, jimilla ta zama 420. Kafin a biya, a je gidan bulon a murza gefen guda ɗaya da hannu. Idan yana zubewa kamar gari, an ƙwari siminti ko ba a ba shi ruwa yadda ya kamata ba, kuma arahar da aka samu za ta tafi a fashewa da ƙarin siminti wajen filasta.

Siminti shi ne inda aka fi yin kuskure, domin mutane suna lissafa na jera bulo kaɗai. Buhu ɗaya mai kilo 50 yakan jera bulo mai inci 9 kusan 50, ko mai inci 6 tsakanin 60 da 70, wanda ke nufin jerin gaba ɗaya zai ci buhu 7 ne kacal. Amma kankaren ƙasan harsashi zai ci kusan buhu 4, kankaren daɓe kusan 6, lintar da za ta zagaye bangayen uku kusan 3, filastar ciki da waje kusan 6, sannan shafen daɓe na ƙarshe kusan 2. Wannan ya kai buhu 28, kuma mai hankali zai rubuta 30. A lura cewa jera bulo bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na simintin ba. Shawarata ita ce kada a sayi buhu 30 ɗin a lokaci guda sai idan aikin zai tafi babu tsayawa, domin siminti yana jan danshi ya daskare, musamman da damina, ko da an ɗora shi a kan katako an lulluɓe.

Sai kayan da ba kasafai ake tunawa da su ba sai ranar aiki, irin su yashi, tsakuwa, jar ƙasar ciko da rodin linta tare da katakon da za a zuba ta a ciki. Ruwa ma kuɗi ne a unguwar da ake saye wurin 'yan garuwa, tunda ban da na kwaɓi, sabon kankare yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda. A rufi, bandir ɗaya na kwano mai falle 20 yakan isa ɗaki irin wannan idan gangara ɗaya ce, amma katako da ƙusa da ladan kafinta suna da nasu layin a takarda. Wurin da sabon rufi ya haɗu da tsohon bango shi ne inda yoyo ya fi farawa, don haka a tambayi kafinta tun farko yadda zai toshe shi da abin da hakan zai ci.

Game da ladan aiki, akwai hanyoyi biyu da aka saba: biyan kuɗin yini ko jinga. Kuɗin yini yana da amfani ga wanda zai tsaya a kan aikin da kansa, amma duk ranar da yashi ya makara ko ruwa ya ƙare, mai gida ne zai biya birkila da leburansa suna zaune. A ƙaramin aiki irin wannan na fi ganin alfanun jinga mataki-mataki, wato a yi ciniki daban na harsashi zuwa daɓe, na jeri zuwa linta, na rufi, sannan na filasta, kuma kada a cika kuɗin mataki sai an duba shi. Illar jinga ita ce gaggawa, kuma ana gane ta idan aka ɗora ma'auni a bango aka ga ya karkata, ko aka ga ba a sarƙe sabon bango da tsohon ba, abin da yake haifar da tsagewa a mahaɗar bayan damina ɗaya ko biyu. A fayyace a gaban shaida ko haƙar harsashi da kwaɓa kankare da kuɗin abinci suna cikin jingar.

Dako shi ne layin da ya fi ba mutane mamaki, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Tambayar farko ga mai bulo ko mai yashi ita ce ko farashin ya haɗa da kawowa da saukewa. Ta biyu ta shafi gidan kansa. A tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya, inda lungu ba ya ɗaukar tifa, ana juye yashi a bakin titi, sannan a sake biyan masu baro ko kura su shigar da shi, wato an biya dako sau biyu. Idan kura tana ɗaukar bulo 20, bulonmu 420 zai bukaci sawu 21, kuma kowane lodi da saukewa yana ƙara yawan waɗanda suke fashewa. Haɗa siminti da rodi da kwano a mota ɗaya, idan lokacin aikinsu ya zo kusa, yana rage wannan kuɗin sosai.

Bayan an rubuta adadin kowane abu, a zaga wurare biyu ko uku a ji farashin ranar, a ninka, a tara, sannan a ɗora kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Daga nan a ja layi a takardar a ƙarƙashin kuɗin rufi. Idan kuɗin da ke hannu ba su kai wannan layin ba, gara a jinkirta haƙar harsashi, domin filasta da silin da fenti da wayar lantarki za su iya jira a ƙarƙashin kwano har sai an samu hali.