Minti Biyu na Farko a Intabiyu: Yadda Sabon Mai Digiri Zai Tsara Bayanin Kansa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai da masu bautar ƙasa, yau a kan tambaya ɗaya za mu tsaya, wadda kusan kowace intabiyu ake buɗewa da ita: "Faɗa mana wane ne kai."

Mai tambayar ba tarihin rayuwarka yake nema ba. Takardunka suna gabansa, ya riga ya ga makarantun da ka yi. Abin da yake son ji shi ne ko za ka iya aikin da suka tallata. Amma da yawanmu sai mu ɗauko daga garin haihuwa, mu bi ta firamare, mu shiga sakandare. Kafin a iso jami'a minti guda ya tafi, mai tambaya kuma ya koma duba takarda. Da ka ga ya sunkuyar da kai yana juya shafi, ka san ka rasa shi.

Minti biyu daƙiƙa 120 ne. Wanda yake magana a natse ba zai wuce kalma 250 zuwa 300 ba a cikinsu. Ka kasa su uku, amma ba daidai wa daida ba: daƙiƙa 20 na gabatar da kai, kamar 70 na hujja, 30 na dalilin neman wannan aikin.

Kashin farko gajere ne: sunanka, abin da ka karanta, inda ka karanta, da abin da kake yi yanzu. Jimla biyu ko uku sun isa.

Na tsakiya shi ne ƙashin bayan amsar, nan kuma sabon mai digiri yake rikicewa, don gani yake ba shi da abin faɗa. Yana da shi. Akwai horon sanin makamar aiki da wasu sassa suke tura ɗalibai, akwai binciken shekarar ƙarshe, akwai inda aka tura ka bautar ƙasa, har da shagon gida in ka taɓa riƙe shi. Sai dai kada ka jero su duka. Ka koma kan tallar aikin, ka ja layi a ƙarƙashin buƙatu biyu da suka fi nanatawa, sannan ka zaɓo wa kowacce misali ɗaya. Misalin kuma ya ƙunshi abu uku: matsalar da ka tarar, abin da kai ka yi, da abin da ya fito.

Mu ɗauka wata ta karanta aikin akanta, tana neman mataimakiyar akawu a kamfanin rarraba kaya a Kano, tallar kuma ta nemi iya Excel da kula da lissafi. Kada ta ce "ni mai ƙwazo ce, ina da gaskiya," domin duk wanda ya shiga ɗakin haka zai ce. Sai ta ce: "A makarantar da na yi bautar ƙasa, kuɗin makaranta a littafi ake rubuta shi, sai ƙarshen zango ake gane waɗanda ba su biya ba. Na kwashe sunayen ɗalibai kusan 300 na zuba a Excel, na ware kowane aji. Daga nan duk Juma'a shugaban makaranta yana samun jerin masu bashi." Kun ga ba ta yabi kanta ba, amma an ji ta iya. Kuma adadin da za ka ambata ya zama na gaskiya, don tambaya ta gaba daga cikinsa za ta fito.

A nan kunyarmu takan cuce mu. Mun taso da cewa "mun yi," to mai tambaya ba ƙungiya zai ɗauka ba. In aikin na haɗin gwiwa ne, ka faɗi haka, sannan ka ware naka: "Mu biyar ne, ni na tattara bayanan." Haka nan kada ka buɗe da "duk da ba ni da gogewa." Sun sani tun kafin su kira ka.

A kashin ƙarshe ka ambaci abu ɗaya takamaimai game da kamfanin, ka haɗa shi da misalinka, ka yi shiru. Kada ka cike gurbin da "shi ke nan dai" ko dariyar kame-kame.

Wajen shiri, ban ba da shawarar haddace amsar kalma da kalma ba. Mai hadda in kalma ɗaya ta kuɓuce masa sai duka ta watse, muryarsa ma takan fito kamar mai biya karatu. Rubuta kanun maganar a 'yar takarda, ka ɗauki muryarka a waya da harshen da za a yi intabiyun, ka duba lokaci. In ka haura minti biyu da rabi, cire misali na biyu gaba ɗaya, kada ka ƙara sauri. In ba ka kai minti ɗaya ba, galibi sakamakon aikin ne ka tsallake, sai ka koma ka saka shi.