Darasi: Farashi ya yi wa layin MA nisa, zuciya na cewa ka shiga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. To, ku buɗe TradingView, mu ɗauko BTCUSDT, a sa shi a kan 1D, wato kowane kyandir kwana ɗaya. Ku shiga Indicators ku ɗora MA, layin da ke nuna matsakaicin farashin kyandiran baya, wannan kun iya. Ni ina sa guda biyu, Length 50 da Length 200. Wasu sun fi son EMA don ta fi saurin bin farashi, ni dai ta fiye rawar kai a wurina.

Yau maganarmu a kan lokacin da koren kyandir ke ta hawa, kowa a guruf yana turo hoton ribarsa, kai kuma ba ka ciki. Hannu ya fara ƙaiƙayi. Kafin ka taɓa Buy, auna tazarar da ke tsakanin farashi da layin nan. Lissafin ga shi a allo:

```
(Price - MA) / MA * 100
```

Bari in... a'a, ku dakata, na bar shi a kan 15m, kyandir na minti goma sha biyar. Bari in mayar da shi 1D. Yauwa. Wannan wurin ku kula da shi sosai, don yana rikita mutane. Lambar 50 ɗin nan kyandir hamsin take ƙirgawa, ba kwana hamsin ba. In kana kan 15m, matsakaicin awa goma sha biyu da rabi kawai kake kallo. Sai ka ga farashi manne da layi, ka ce ai bai yi nisa ba, alhali in ka koma 1D ya yi masa fintinkau. Layin iri ɗaya ne a ido, launi ɗaya, suna ɗaya, amma abin da yake aunawa daban. Kullum ku leƙa saman allo ku tabbatar kafin ku yi lissafi.

To, mu ƙaddara wani koyin yana dala 150, layin 50 kuma yana 100. Tazara kashi 50 cikin ɗari ke nan. Jarinka dala 500, kuma ka yi wa kanka doka ba za ka yi asarar fiye da kashi 2 a ciniki ɗaya ba, wato dala 10. Ina za ka ajiye sitof ɗinka, wato farashin da za ka fita in ciniki ya juya maka? Wurin da yake da ma'ana shi ne ƙasan layin, a ce 98. Daga 150 zuwa 98 kusan kashi 35 ne. Ka raba dala 10 da wannan, abin da ya halatta ka shiga da shi bai kai dala 30 ba. Amma wanda tsoron a bar shi a baya ya kama, dala 30 zai sa? Ina! Duka 500 zai zuba, in farashin ya dawo kan layi kawai, ba ma faɗuwar kasuwa ba, sulusin kuɗinsa ya tafi. Ko kuma ya matso da sitof kusa, a 143, ɗan jijjiga kaɗan ta fitar da shi.

Yanzu a ce ka yi haƙuri. Layin yana hawowa a hankali, don farashin kwanakin nan masu tsada suna shiga lissafinsa. Ya kai 115, farashi ya sauko 125, sitof a 113. Tazarar ba ta kai kashi 10 ba, sai ka shiga da kusan dala 100 a kan asarar dala 10 ɗin dai.

Wani zai ce, Malam, in bai dawo ba fa? Yana faruwa. Wani lokaci farashin tsayawa yake yi wuri ɗaya har layin ya cim masa, wani lokaci kuma ya ƙara gaba ya bar ka. Shi ya sa ban ce nisa daga layi alamar sayarwa ba ce, kada wani ya je ya buɗe Short ya ce ni na aike shi. A Disambar 2017 Bitkoyin ya kusa dala 20,000, ya ninka layin 200 fiye da sau uku, kuma tun kafin nan ya daɗe yana nesa da layin yana ta hawa. Wanda ya yi caca a kan faɗuwarsa da wuri ya ƙone. Wanda ya saya a ƙoli shi ma ya ga dala 3,200 a Disambar 2018, sai ƙarshen 2020 kuɗinsa ya dawo.

Kuma kashi nawa ne "nisa"? Ya danganta da kayan. Kashi 10 a zinare babban abu ne, a ƙananan koyin kuwa aikin yini ɗaya ne. Ku ja allon baya, ku auna tazarar da kayan ya saba kaiwa kafin ya juyo, da ita za ku gwada.

 Abin da nake yi ni, maimakon zaman gadin allo, sai in danna layin 50 da maɓallin dama na linzami, in zaɓi Add alert, in rufe waya in tafi harkokina. Bari in nuna muku yadda ake saita shi.