Sharhi: Maigadi, Kwado da Ƙarafan Taga a Takardar Inshorar Sata

"Ɓarayi sun fasa mini sito cikin dare, sun kwashe atamfa da shadda na kusan naira miliyan 9. Kamfanin inshora ya ce ba zai biya ba, wai maigadina ba ya nan a daren. To in ni zan tsare kayana da kaina, kuɗin me nake ba su duk shekara?"

Saƙon wani ɗan kasuwa ke nan daga Kano. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma jama'a masu sauraro, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, irin wannan kuka ba ya ƙarewa, kuma kusan kullum tushensa ɗaya: mutum ya sa hannu a kan alkawarin da bai karanta ba, wakilin da ya sayar masa da inshorar kuma bai zauna ya karanta masa ba.

Mu fara da abin da aka saya. Inshorar sata, yadda aka saba rubuta ta a Najeriya, ba kowace irin sata take biya ba. Tana biyan wadda aka shiga ko aka fita da ƙarfi: an ɓalle kwado, an yanke ƙarfe, an huda bango, an yaye kwanon rufi. Shi ya sa idan mai ƙiyasta asara ya iso da safe, kafin ya tambayi dila nawa aka ɗauka, ƙofa yake fara dubawa. Yana neman guntun kwadon da aka datse, da tabon ƙarfe a jikin bango, da sawun ƙafa a kan silin. In ya tarar da ƙofa lafiya lau, kwado a rataye babu ko ƙwarzane, to da makulli aka buɗe, kuma da ɗan gari akan ci gari. Satar yaron shago ko ɗan gida tana da tata inshorar daban, ta amanar ma'aikata.

Sai sharuɗɗan tsaro. Ranar da ka cike fom, an tambaye ka irin ƙofarka, da yawan kwaduna, da ko tagogi suna da ƙarafa, da ko akwai maigadi. Ka ce akwai. A kan wannan amsar aka yanka maka farashi. Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ce sito 1,000 ne, kowanne da kayan naira miliyan 10, kowa yana zuba naira 50,000 a shekara. An tara miliyan 50 ke nan, kuɗin da zai biya mutum 5 da aka yi wa ƙarƙaf, ba a ma cire kuɗin gudanar da kamfani ba. To a ce masu siton sun saki jiki, sun sallami masu gadi, sata ta tashi daga 5 zuwa 15. Dole kowa ya zuba 150,000, har da bawan Allahn da ke kulle ƙofarsa da kwado uku. Kamfani sito mai maigadi ya amince ya ɗauka, kuma kuɗin sito mai maigadi ya karɓa. Daren da maigadi ba ya nan, wani siton ne daban, wanda ba a yi cinikinsa ba. Ko takaful, wato inshorar Musulunci, mutum ya shiga, zancen bai canza ba, ya ma fi nauyi, domin asusun na mahalarta ne, 'yan'uwanka 'yan kasuwa.

Kuma don Allah a fahimci aikin waɗannan abubuwa. Babu kwadon da ba ya karyewa, kamfani ma ya sani. Abin da kwado da ƙarfe ke yi shi ne cinye wa ɓarawo lokaci da tilasta masa yin ƙara. Kwadon da wuyansa ke a fili, almakashin ƙarfe zai datse shi kafin ka ce kwabo. Wanda wuyansa ke ɓoye cikin akwatin ƙarfe sai an daɗe ana fama. Ƙarafan tagar da aka dasa cikin siminti sai an sa zarto, waɗanda aka ɗaure da kusa a jikin katako kuwa ciro su kawai ake yi. To wa zai ji ƙarar zarton? Maigadi. In babu shi, ɓarayi su kawo mota har bakin ƙofa, su yi lodi daga tsakar dare zuwa kiran assalatu, babu mai ce musu kanzil. Satar da za ta tsaya a dila biyu sai ta zama ta sito gaba ɗaya.

Nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Sharaɗin yana nufin kowane dare. Kowane dare! Maigadi ya tafi ƙauye Sallah ko jana'iza, sai a ce ai kwana biyu ne kawai. Kwado ɗaya ya lalace, sai a ce gobe a sayo. An ciro ƙarfen taga don a sa na'urar sanyaya ɗaki, mai walda ya ce zai dawo, bai dawo ba. An bar makullin sef a aljihun tebur, alhali takarda ta ce a tafi da makullai gida bayan tashi. Ɓarawo ma yana lura, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daren da ka yi sake, shi yake jira.

Na san masu cewa duk wannan dabarar ƙin biya ce, ko kuma tsaro na Allah ne. Tsaro na Allah ne, babu ja, amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Batun dabara kuwa, ba ka kiran abu tarko alhali yana rubuce a takardar da ke cikin durowarka tun bara.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wakilin da ya karɓi kamasho ya miƙa wa ɗan kasuwa shafuka goma na Turanci bai fassara masa sharaɗi ko ɗaya ba, ya ci amanar sana'arsa. Kamfanin da ke fakewa da saɓawar da ba ta da alaƙa da satar shi ma ya yi zalunci. Tsohuwar dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta faɗa ƙarara a sashe na 55 cewa saɓa wani sharaɗi ba ya zama hujjar kamfani sai in sharaɗin yana da muhimmanci kuma ya shafi haɗarin ko asarar da aka yi wa inshora. Amma rashin maigadi a daren da aka yi lodi da mota, da wuya a ce bai shafi asarar ba, kuma ba zan yaudare ka da wannan ba, Alhaji.

Abin da ya rage maka shi ne ka ɗauko takardar ka duba kalmomin sharaɗin ɗaya bayan ɗaya. Shin ta ce maigadinka na kanka, ko maigadi kawai? In na ƙungiyar kasuwa suna sintiri a layin a daren, a karɓo shaidarsu a rubuce. Shin ta faɗi daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuma satar ta faɗo cikin wannan lokacin? Ka nemi kamfani ya ba ka dalilin ƙin biya a rubuce, da sharaɗin da ya dogara da shi. Ka haɗa da rahoton 'yan sanda, da rasit ɗin kaya, da hotunan inda aka fasa. In ka ga kalmomin suna tare da kai, NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasa, tana karɓar ƙorafi a kan kamfanonin inshora. Lokacin sabunta takarda kuma, in ka san ba za ka iya riƙe maigadi dare 365 ba, ka faɗa tun kafin ka biya, a gyara sharaɗin a rubuce, ko da kuɗin zai ƙaru.