Me ya sa hannu ke zagayowa ta doguwar hanya tsakanin kifirem biyu?

Assalamu alaikum. Ku dubi wannan mutumin da na haɗa a Blender. Ya ɗaga hannunsa na dama sama yana yi wa wani alamar sai an jima. Abin da nake so kawai shi ne hannun ya ɗan karkata daga wannan gefe zuwa wancan. Na sa kifirem, wato alamar da ke riƙe tsayuwar hannun, a firem na 1, na sa wani a firem na 13. In kun tsaya a kan kowannensu, hannun yana daidai inda na ajiye shi. To bari in kunna ku gani. Maimakon ya ɗan gusa, sai ya sauko ƙasa, ya ratsa ta cikin cinyarsa, ya ɓullo ta ɗaya gefen, sannan ya koma sama.

Ranar da wannan ya fara faruwa da ni, na ɗauka ƙashin da ke juya hannun ne ya lalace, har na goge shi na sake haɗawa. Ashe ƙashin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin lambobin da aka ajiye.

Ku buɗe gefen allo da N, ku dubi Rotation. Wannan ƙashin yana kan XYZ Euler, kuma a yadda na haɗa shi, hannu a sake ƙasa sifili ne a Z, a miƙe sama kuwa digiri 180. A firem na 1, Z tana nuna 170. A firem na 13 tana nuna -170. A ido, tsakanin waɗannan wurare biyu digiri 20 ne kacal, goma kafin tsakiyar kai, goma bayansa. Amma manhajar ba ta kallon hannu. Lamba take gani. An ce mata ta tashi daga 170 ta kai -170, ita kuma sai ta yi ta ragewa: 150, 100, 50, sifili, har ta gangara ƙasa da sifili. Tafiyar digiri 340 ke nan a cikin firem 12, wato rabin daƙiƙa idan kuna aiki da firem 24 a daƙiƙa. Ku tsaya a firem na 7, tsakiyar tafiyar, za ku tarar Z ta zama sifili, hannun yana kallon ƙasa, kishiyar inda ya kamata ya kasance.

Kamar agogon bango ne. Daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 1 awa biyu ne in ka bi ta 12. Wanda bai san agogo zagaye yake ba, sai ya ƙirga baya: goma, tara, takwas, har ya iso ɗaya.

Daga ina -170 ɗin ta fito, alhali ba ni na rubuta ta ba? Duk lokacin da manhaja ta ɗauki yadda ƙashi yake tsaye ta mayar da shi digiri, lissafin yakan ba da amsa tsakanin -180 da 180. Da zarar hannu ya ƙetare 180, sai lambar ta faɗo ɗaya ɓangaren. Za ku fi cin karo da haka bayan kun yi Bake Action, ko kun shigo da motsi daga fayil ɗin FBX, ko kun kwafo tsayuwa daga wani wuri kun liƙa.

Yanzu gyara. Ku buɗe Graph Editor, ku zaɓi Z Euler Rotation. Ga layin nan ya gangaro tun daga sama har ƙasa kamar gangaren dutse. Duk inda kuka ga irin wannan gangara alhali motsin ƙanƙane ne, to kun kama ɓarawon. Digiri -170 da digiri 190 wuri ɗaya ne, domin bambancinsu zagaye ɗaya cif, wato 360. Saboda haka ku danna kifirem na biyu, ku buga G, sai Y, sai 360, sai Enter. Ku tabbata Normalize a kashe yake, in ba haka ba lambar ba za ta tafi da digiri ba. Yanzu ya zama 190. Tsayuwar hannun a firem na 13 ba ta canza ko kaɗan ba, amma firem na 7 ya koma 180, hannu a miƙe sama. Ku kunna, ga shi yana ɗan karkatawa kamar yadda ake so.

Idan kifirem ɗin suna da yawa, ba sai kun bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ku zaɓi layukan X, Y da Z duka uku, ku danna Discontinuity (Euler) Filter. Yana cikin Channel, a tsofaffin Blender kuma cikin Key. Masu Maya, naku shi ne Euler Filter a ƙarƙashin Curves. Sai dai ku yi hattara da shi a wuri ɗaya. Shi gajeriyar hanya kawai ya sani. In da gangan kuka sa hannu ya wulwula digiri 300 tsakanin kifirem biyu, zai mayar da shi 60 ta baya, ya ɓata muku aiki. A irin wannan motsi, ku sa ƙarin kifirem a tsakiya yadda kowane taki bai kai 180 ba.

Na san wani zai ce, ai ni ƙashina yana kan Quaternion, kamar yadda Blender ke ba kowane sabon ƙashi, kuma duk da haka yana yi mini wannan zagayen. Gaskiya ne, yana faruwa, kuma dalilin ɗan'uwan na farko ne. A nan lambobi huɗu ne, W, X, Y, Z, kuma in aka juya alamar dukkansu, mai ɗebewa ta koma mai ƙari, mai ƙari ta koma mai ɗebewa, tsayuwar ba ta canzawa. A hannun namu, firem na 1 yana da W 0.087 da Z 0.996. Firem na 13 yana da W 0.087 da Z -0.996. Blender yana ja wa kowace lamba layinta daban, don haka Z sai ta ratsa ta sifili, hannu ya sake faɗowa ƙasa. Wancan tacewar ta Euler ba ta da aiki a nan. Ku je firem na 13 cikin Pose Mode, ku zaɓi ƙashin, ku danna Flip Quats a cikin Pose, sannan ku buga I ku sake sa kifirem, wanda shi ne matakin da mutane suka fi mantawa. Yanzu W ta zama -0.087, Z ta zama 0.996. Z ta zauna wuri ɗaya, W ce kawai ke ɗan gusawa, hannu ya bi ta saman kai.

Akwai wata cuta mai kama da wannan da ƙara 360 ba ya warkarwa. Idan kuka ga X da Z sun yi tsalle tare, kowanne kusan digiri 180, kuma Y tana dab da 90, to sanduna biyu na juyawa ne suka hau kan juna. A XYZ Euler, Y ce ta tsakiya, ita ke jawo haka. Hannun zai yi wani murɗe-murɗe a hanya ko da tsayuwar biyu ba su yi nisa da juna sosai ba. Maganinsa shi ne a zaɓi tsarin da sandar da ƙashin ya fi ƙarancin juyawa a kanta take tsakiya, ko a mayar da ƙashin Quaternion. Ni dai kafaɗa da ƙugu a Quaternion nake barinsu, gwiwar hannu da ta ƙafa kuwa Euler, tun da ta gefe ɗaya suke lanƙwasawa. Ku yanke wannan shawarar tun kafin ku sa kifirem na farko, domin canza tsarin daga baya ba ya juya tsofaffin kifirem, sai kun sake sa su.